Takardar raba maki ta zo mini a hoto: ta yaya zan mayar da ita jadawali ba tare da makin yara ya sauya ba?

Malama Hadiza, Daura:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manyanmu da ke wannan zaure. Mu uku ne muke koyar da Hausa a aji biyu na babbar sakandare, kuma an umarce mu da mu mayar da takardar raba maki ta insha'i zuwa jadawali mai ma'aunai da matakan maki da bayanin kowane mataki, domin mu riƙa gyara da hannu ɗaya, yara ma su san abin da ake nema a wurinsu. Takardar tana hannun shugaban sashenmu, shi kuwa ya tafi Mai'adua, sai ya ɗauko ta a waya ya turo mini. Tambayar ita ce wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma a kan dalilai huɗu da suka sa unguwa ke bukatar rijiyar burtsatse, cikin kalmomi 300. Abin da na iya karantawa shi ne ƙunshiya 10, tsari 7, sarrafa harshe 3, ƙa'idojin rubutu 5, amma a ƙasan takardar an rubuta jimla 30. Na haɗa sau uku, 25 nake samu. Daga ina ya kamata in fara?

Aminu, Ƙofar Ƙaura:
Wa alaikumus salam, Malama. Wannan ba ya bukatar wahala, domin akwai manhajojin waya da ke ciro rubutu daga hoto, sai ki kwafe shi ki zuba a Word ki ja masa layuka. Haka muke yi da takardun darasi a kwaleji.

Malama Hadiza, Daura:
Na gode, Aminu, amma ba kwafewa ce damuwata ba. Na ma gwada hanyar da ka faɗa, sai lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ duk ta zube, alamar ½ kuma ta fito 12 a wuri guda, ta ɓace gaba ɗaya a wani. Takardar shafi ɗaya ce, buga ta da hannu ya fi mini sauƙi a kan gyaran abin da manhajar ta ciro. Abin da nake tambaya shi ne yadda makin zai zauna a jadawali.

Baba Lawal, Katsina:
'Yata Hadiza, ki ajiye maganar jadawali tukuna, domin ba a ɗora gini a kan abin da ba a karanta daidai ba. Gibin maki 5 da kika gani shi ne ya nuna miki inda ɓarnar take. Duba wurin da aka rubuta sarrafa harshe, ina kyautata zaton layin ninkin takarda ya ratsa ta kan lambar, kuma 8 idan ninki ko hasken fitila ya cinye gefenta na hagu, 3 take komawa. Sa 8 a wurin ki sake haɗawa: 10 da 7 da 8 da 5 sun ba ki 30. Wannan zato ne mai ƙarfi, amma kada ki karɓe shi sai kin ga shaida ta biyu a cikin takardar kanta, wato ki duba ko a ƙarƙashin wannan sashe an rarraba makin, kuma ina rabon ya tsaya.

Sannan ki roƙi shugaban naku ya sake ɗauka. Ya shimfiɗa takardar a tebur kusa da taga da rana, ya tsayar da wayar a samanta sak ba a karkace ba, ya tabbata kusurwoyi huɗu na takardar duk sun shiga, ya kuma juya bayanta ya ɗauka ko da yana ganin babu komai. Idan zai turo ta WhatsApp, ya turo ta a matsayin Document, saboda hoton da aka tura kai tsaye ana matse shi, ƙananan alamomi irin su ½ su ne farkon dushewa. Na nace a kan gefen takarda ne domin a shekarun da na yi ina gyaran jarrabawa, sharuɗɗan da suka fi sauya makin yaro ba a tsakiyar shafi suke ba, da biro ake ƙara su a gefe bayan an zauna an tattauna.

Malama Hadiza, Daura:
Gaskiyarka ce, Baba. Na faɗaɗa hoton, ninki ne ya bi ta kan lambar, kuma a ƙarƙashinta an rubuta mai kyau ƙwarai 7 zuwa 8, mai kyau 5 zuwa 6, matsakaici 3 zuwa 4, mai rauni 0 zuwa 2. Ke nan 8 ce. A gefen dama kuma akwai rubutun jan biro da hoton ya yanke, abin da ya rage a ciki shi ne "idan bai kai". Na kira shugaban, ya ce takardar tana cikin durowarsa a makaranta, tsohon hoto ne ya turo, sai ranar Litinin zai dawo. Ga sauran abin da ke ciki: ƙunshiya dalilai huɗu ne, kowanne 2½, wato ambato 1, bayani har zuwa 1½. Tsari kuwa adireshin mai rubutu da kwanan wata 1, adireshin wanda aka rubuta wa 1, gaisuwa 1, kanu 1, rufewa da sa hannu 1, sakin layi da jerin tunani 2. A ƙa'idojin rubutu ana cire ½ a kowane kuskure.

Malam Kabir, Mashi:
Malama, shawarata ita ce kada ki ƙirƙiro matakai daga kanki. Muna da ma'aunin da kowa ya sani na WAEC, inda A1 ke farawa daga 75, C6 daga 50, E8 daga 40, abin da bai kai 40 ba kuma F9. Ki ɗauki waɗannan kaso ki ɗora a kan kowane sashe, sai matakanki su yi daidai da abin da yara za su tarar a jarrabawar fita, kuma jadawalin ya fito da layuka iri ɗaya daga sama har ƙasa.

Baba Lawal, Katsina:
Malam Kabir, na yarda da kai cewa bai kamata Malama ta ƙago matakai daga kanta ba, amma wurin da za ta samo su shi ne takardar da ke gabanta. Waɗannan darajoji da ka kawo na jimlar makin darasi ne, ba na sashe guda a cikin tambaya guda ba. Gwada 75 cikin 100 a kan maki 7 na tsari, za ka sami 5.25, lambar da babu malamin da zai taɓa ba yaro. Ita kanta insha'in Ingilishi ta WAEC ba da kaso ake gyara ta ba, maki 50 ne aka raba 10 ga ƙunshiya, 10 ga tsari, 20 ga sarrafa harshe, 10 ga ƙa'idojin rubutu, kuma kowane sashe da irin hukuncinsa.

Abin da nake so Hadiza ta lura da shi shi ne takardarta tana ɗauke da lissafi iri uku, ba iri ɗaya ba. Akwai makin da ake tarawa, kamar dalilan nan huɗu da sassan wasiƙa. Akwai wanda ake zaftarewa, shi ne na ƙa'idojin rubutu. Akwai kuma wanda malami ke aunawa da idonsa, wato sarrafa harshe da sakin layi. Na ukun ne kawai jadawali ya dace da shi tun asali, sauran biyun sai an bi su a hankali. Sharaɗin aikin duka guda ne: yaron da zai sami 19 da tsohuwar takarda, dole ya sami 19 da jadawalin. Idan makin ya motsa, to, ba mayarwa kika yi ba, sabuwar doka kika kafa ba da sanin abokan aikinki ba.

Malama Hadiza, Daura:
Na fahimta. Ga abin da na fara rubutawa a ƙunshiya, a duba mini: dalilai huɗu, 9 zuwa 10, dalilai uku, 7 zuwa 8, dalilai biyu, 4 zuwa 6, dalili ɗaya ko babu, 0 zuwa 3.

Baba Lawal, Katsina:
A nan ne mafi yawan masu wannan aiki suke zamewa, don haka bari in tsaya a kansa. Ɗauki yaron da ya jero dalilai huɗu, ya ce ruwa ya yi nisa, ga cututtuka, ga tsadar 'yan garuwa, ga yara suna makara zuwa makaranta, amma bai yi wa ko ɗaya bayani ba. A tsohuwar takarda makinsa 4 ne, a jadawalinki kuwa ya haye 9. Ɗauki yarinyar da ta kawo dalilai biyu kacal, amma ta warware kowanne sosai, ta faɗi nisan rijiyar da sa'ar da suke tashi ɗiban ruwa da abin da hakan ke jawo wa karatunsu. Ita 5 take da shi, ta fi wancan, alhali jadawalinki ya sa ta matakai biyu a ƙasa da shi. Ban da haka, 8½ da 6½ da 3½ ba su da gida a matakanki, kuma 8½ maki ne da zai fito sau da yawa, domin shi ne na wanda ya warware uku ya ambaci na huɗu.

Za ki iya cewa to bari a gina matakan a kan yawan dalilan da aka yi wa bayani. Na gwada wannan a takarda kafin in rubuto miki, bai tsaya ba. Wanda ya warware ɗaya ya ambaci sauran ukun yana da 5½, wanda ya warware biyu ya tsaya yana da 5, sai matakin ƙasa ya hau kan na sama. Dalilin shi ne abubuwa biyu ake aunawa a lokaci guda, faɗi da zurfi, kuma layi ɗaya ba zai ɗauke su ba. Maganin shi ne ki raba ƙunshiya gida biyu. Layin farko ambaton dalilai, maki 4, ɗaya ga kowane dalili da ya shafi tambaya. Layi na biyu bayanin dalilai, maki 6, shi ne za ki yi wa matakai: 5 zuwa 6, sai 3½ zuwa 4½, sai 2 zuwa 3, sai ½ zuwa 1½, sai 0. Jimla ba ta sauya ba, kuma kowane rabin maki ya sami wurin zama. Haka za ki yi wa tsari: sassan wasiƙa biyar ɗin nan akwai ne ko babu, ba sa bukatar matakai, sakin layi kuma ya tsaya a layinsa da maki 2.

Hajiya Binta, Sandamu:
Ni lissafi nake koyarwa, kuma an taɓa neman in yi irin wannan da takardarmu, wadda ke cike da M1 da A1 da B1, wato makin hanya da makin amsa da maki mai zaman kansa. Na daɗe a kai kafin in gane ba za ta shiga matakai ba, saboda makin amsa ya rataya a kan makin hanya, yaron da bai nuna hanyar da ta dace ba ba ya samun na amsa. Daga ƙarshe na bar ta a jerinta. Abin da zan ƙara wa Malama shi ne ta yi hattara idan a Excel za ta buga. Na rubuta 3-4 a wani gida na jadawalin, na danna, sai ya zama kwanan wata, haka ma 1/2. Ban lura ba sai da aka buga takardar aka raba wa malamai. Yanzu layi biyu na tsaye nake yi, ɗaya na mafi ƙarancin maki, ɗaya na mafi yawa, rabi kuma 0.5 nake rubutawa. Idan kin jera ma'aunanki shida da cikakken makinsu a layin B, daga B2 zuwa B7, ki sa wannan a ƙasa, ya riƙa tsare miki 30 ɗin:

```
=SUM(B2:B7)
```

Malama Hadiza, Daura:
Allah ya saka da alheri, Hajiya, na yi hakan kuma 30 ya fito: 4, 6, 5, 2, 8, 5. Ƙa'idojin rubutu ma sun zauna da sauƙi da na bi lissafin zaftarewa. Kuskure 0 zuwa 2 yana ba da 4 zuwa 5, kuskure 3 zuwa 5 yana ba da 2½ zuwa 3½, kuskure 6 zuwa 9 yana ba da ½ zuwa 2, daga 10 zuwa sama kuma babu komai. Inda na tsaya shi ne sarrafa harshe. Takardar ba ta ce komai ba sai mai kyau ƙwarai da mai kyau da matsakaici da mai rauni, ni kuwa abin da nake kira mai kyau, abokin aikina matsakaici yake kiransa.

Baba Lawal, Katsina:
Waɗannan kalmomi sunayen matakai ne, ba bayaninsu ba, kuma sauya mai kyau zuwa mai gamsarwa ba zai ƙara komai ba. Bayanin da ke aiki shi ne wanda malami zai iya ɗora yatsa a kan takardar yaro ya ce ga shi nan. Kada ki zauna ki tsaro shi da ka. Ɗebo takardu 12 da aka riga aka gyara a zangon da ya wuce, ki kasa su kashi huɗu bisa makin da suka samu a wannan sashe, ki karanta kowane kashi a jere, ki rubuta abin da ya haɗa su. Ki kuma riƙe abubuwa iri ɗaya daga mataki zuwa mataki. Idan a na sama kin yi maganar ladabin wasiƙar hukuma da ginin jimla da zaɓen kalma, to, a na ƙasa ma su ukun za ki bi, kada karin magana ya ɓullo a mataki ɗaya ya ɓace a sauran. Abu na ƙarshe, ku ukun ku yanke ko ana ba da rabin maki a nan, domin tsakanin 6 da 7 akwai 6½ da takardar ba ta ambata ba. Idan ba a bayarwa, a rubuta hakan a ƙarƙashin jadawalin.

Malama Hadiza, Daura:
Na yi kwana biyu a kan takardun. Mun yarda ba za a ba da rabi a wannan sashe ba, ga kuma abin da ya fito:

| Maki | Abin da ake gani a takarda |
|---|---|
| 7–8 | Harshen wasiƙar hukuma daga farko har ƙarshe. Jimloli cikakku, dogaye da gajeru. Kalmomi sun dace da batun ruwa da lafiya |
| 5–6 | Ladabi ya tsaya, sai zamewa sau ɗaya ko biyu zuwa harshen hira. Jimloli cikakku amma gini iri ɗaya. Ana maimaita kalma |
| 3–4 | Harshen hira ya yi yawa. Jimloli suna tafiya da "kuma" ba tsayawa. Sai an sake karantawa ake gane wasu wurare |
| 0–2 | Kamar ana yi wa aboki magana. Jimloli a gutsure. Ma'ana ta ɓace a mafi yawan wasiƙar |

Daga nan na rufe tsohon makin na sake gyara takardun 12 da jadawalin. Wata yarinya ta ambaci huɗu ta sami 4, bayani 3½, ta manta kanu ta sami 4 a sassa, sakin layi 1, harshe 5, kurakurai 7 suka bar mata 1½, jimla 19, kuma 19 ne a tsohon gyara. Takardu tara sun fito daidai, biyu sun bambanta da maki 1 a sarrafa harshe. Guda ɗaya ce ta dame ni. Yaro ne da ya rubuta kalmomi wajen 120, kurakuransa biyu kacal, jadawalina ya ba shi 4 a ƙa'idoji, tsohon gyara kuwa 2½.

Baba Lawal, Katsina:
Ina jin kin taka jan biron nan ne da hoto ya yanke. Wanda ya rubuta kaɗan, kuskurensa kaɗan ne, shi ya sa masu gyara sukan sa wa gajeriyar insha'i rufi a wannan sashe, don kada taƙaitawa ta zama riba. Amma kada ki rubuta lamba sai kin ga takardar da idonki.

Malama Hadiza, Daura:
Shugaban ya dawo yau, na riƙe takardar a hannuna. Rubutun gefen cewa ya yi, "idan bai kai kalma 150 ba, ƙa'idoji kada su wuce 2½". A bayanta kuma akwai wani layin da hoton bai nuna ba sam, cewa kuskure ɗaya da aka maimaita a kalma ɗaya, sau ɗaya ake hukunta shi. Ban cusa su cikin matakai ba, na yi musu wuri dabam a ƙarƙashin jadawalin da sunan sharuɗɗa, domin suna hawa kan kowane mataki. Sharaɗi na biyun yana da nauyi a wurinmu, saboda yaron da ya rubuta "yace" a haɗe sau takwas, ½ zai rasa, ba 4 ba.

Malam Kabir, Mashi:
Na janye maganar kaso, Baba, lissafin 5.25 ya ishe ni. Amma ina da tambayar da jadawalin bai amsa ba. Yaranmu na nan sukan rubuta "hwaɗa" a maimakon "faɗa", da "mishi" a maimakon "masa", domin haka suke ji a gida. A wane layi za a hukunta wannan? Ni a ganina kuskuren ƙa'ida ne, tunda daidaitacciyar Hausa ake jarrabawa, a cire ½ a wuce.

Hajiya Binta, Sandamu:
Ban yarda a kira shi kuskuren rubutu ba, Malam. Yaron da ya rubuta "kasa" yana nufin "ƙasa" ya saɓa ƙa'ida, amma wanda ya rubuta "mishi" ya rubuta abin da yake faɗa daidai, zaɓen kalmarsa ne bai dace da wasiƙar hukuma ba. Wannan kuwa sarrafa harshe ne.

Baba Lawal, Katsina:
Ni na fi karkata ga raba su, "hwaɗa" ya tafi ƙa'idoji saboda harafi ne aka sauya, "mishi" ya tafi sarrafa harshe, amma na san malamai masu daraja da ba su yarda da ni a kan wannan ba. Abin da ba zan amince da shi ba shi ne a cire masa a wuri biyu. Kuma tunda takardar asali ba ta ce komai a kai ba, Hadiza ba ta da hurumin yanke shi ita kaɗai a cikin jadawali. Ta yi wa wurin alama cewa ƙari ne, ba daga takardar ya fito ba, kamar yadda ya kamata ta yi wa bayanan nan huɗu da ta rubuta na sarrafa harshe.

Malama Hadiza, Daura:
Na sa wa duk abin da ba na takardar asali ba alamar tauraro. Na koma kan takardu biyun da suka bambanta da maki 1, sai na ga ɗaya daga cikinsu cike take da "mishi" da sauran harshen gida, wato abin da Malam Kabir ya tayar ne ya raba ni da wanda ya fara gyara ta. Ranar Alhamis za mu zauna mu uku da shugaban sashe, kowa ya gyara takardu biyar iri ɗaya ba tare da ganin makin ɗan'uwansa ba, kuma da waccan takardar za mu fara.